Ƙurajen zafi a wuyan jariri

Tambaya: Likita, a Jidda muke zaune. Ɗana wata uku gare shi, wasu ƙananan jajayen ƙuraje sun feso masa a wuya da gadon baya. Surukata ta ce a shafa masa basilin, kada kuma a cire masa hula saboda sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ƙyanda ce?

Amsa: 'Yar'uwa, in babu zazzaɓi, tari ko jan ido, wannan ya fi kama da ƙurajen zafi. Ƙyanda da zazzaɓi take farawa, sannan ƙurajenta su sauko daga fuska da bayan kunne. Na zafi kuwa inda gumi ke kwanciya suke fitowa: lanƙwasar wuya, hammata, matsematsi, da bayan da ke manne da naki idan kin goya shi. Ɗaga haɓarsa ki duba, za ki gan su kamar an watsa gero, wani lokaci da 'yan ƙulli masu ruwa garau.

Hanyoyin gumin jariri ba su gama ƙwari ba, saurin toshewa suke yi. Ga Jidda a bakin Bahar Maliya, iskarta da laima, gumi ba ya bushewa. Shi ya sa, da girmamawa ga Hajiya, basilin ko man kaɗanya ƙara toshe su zai yi. Hodar ma ki bar ta, dunƙulewa take yi a wuya, kuma yana iya shaƙar ta.

A gida riga ɗaya ta auduga, mara nauyi, sakakkiya, ta ishe shi, ban da hula da safa. Ki sa mukayyif wajen digiri 24 zuwa 26, kada iskar ta riƙa dukan sa kai tsaye. Tafin ƙafarsa zai ruɗe ki, don kusan kullum da ɗan sanyi yake. Ƙeyarsa ko ƙirjinsa za ki taɓa, in kin ji danshi to kayan sun yi yawa. Ki yi masa wanka da ruwa mai ɗan ɗumi kaɗan, ki tsane lanƙwasar fata ba tare da gogawa ba. Yawanci cikin kwana 2 zuwa 3 suke lafawa.

Batun rana, jaririn da bai kai wata 6 ba inuwa ce kariyarsa. Gwamnatin Saudiyya ma ta hana ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, balle jinjiri. Kada ki lulluɓe shi cikin abaya ko ki rufe kekensa da zane, zafi ne ke taruwa a ciki. Ruwa kuma ba yanzu ba, ko da Zamzam ne. Nono za ki yawaita ba shi.

Amma in zafin jikinsa ya kai 38, ko ƙurajen suka yi ruwan mugunya, ko ya ƙi kama nono, fitsarinsa ya ragu, maɗigarsa ta loɓa, ki kai shi asibiti a ranar.