Tattarar siket ɗin atamfa da layi biyu na dogon ɗinki

"Salamu alaikum antocina. Ina koyon ɗinki a Aboabo, madam ta ce in yi siket mai tattara da atamfa, kugu inci 31. Na yi layi biyu na dogon ɗinki amma da na ja sai wani waje ya dunƙule wani waje ba komai, zaren ma ya tsinke a tsakiya. Don Allah yaya ake yi ya zauna daidai?"

Wa alaikis salam ƙanwata. Kar ki ja zare ko kaɗan sai kin raba yadin da ban ɗin kugu kashi-kashi kin haɗa su da fil tukunna, wannan shi ne aikin gaba ɗaya. Idon mutum ba ya iya raba inci 72 na yadi a kan kugu ɗaya daidai, amma zai iya raba inci 9 a kan inci 4, don haka sai ki mai da babban aikin ƙanana guda takwas. Bari mu bi shi da awon da kika kawo.

Kugu 31, ki ƙara inci 1 na sakewa saboda mai siket za ta ci abinci ta zauna, ya zama 32. Ban ɗin ki yanka shi tsawon 34, wato 32 ɗin nan, da rabin inci kowane gefe na ɗinki, da inci 1 na ɗan harshen da zai hau kan ɗan'uwansa a sa ƙugiya ko maɓalli. Faɗinsa inci 4, in aka ninka aka ɗinke zai tsaya ɗaya da rabi. Ki sa masa sitif ki goge kafin komai, don ban mara sitif yana miƙewa a hannu, kina rabawa awon yana gudu. Sannan ki zana da alli inda 32 ɗin ya fara da inda ya ƙare, shi kaɗai za ki raba. Harshen nan da rabin incin gefe ba sa cikin lissafi, 'yan koyo da yawa suna ninka ban ɗin gaba ɗaya biyu su ce ga tsakiya, sai tsakiyar gaba ta karkace gefe, in zanen atamfar mai manyan fure ne kowa zai gani.

Jikin siket kuma, atamfa tana son ninki biyu zuwa biyu da rabi na kugu. Ki yanka yadi biyu da inci 2, wato 74, inci ɗaya-ɗaya na gefe na zif ne, saura 72 shi za a tattara. Ni a ganina ninki uku a sabuwar atamfa mai ƙarfi ɓata yadi ne, kugu ya yi ƙato ban ya ƙi kwanciya, ninki uku na shifon ne da yadi marasa nauyi. In kuma kin sauka ƙasa da ɗaya da rabi ba zai yi kama da tattara ba, zai zama kamar ɗinki ne ya takure.

To 72 a raba takwas 9 ne, 32 a raba takwas 4 ne. Ba sai kin yi ta awo da tef ba, ninka biyu, ki sake ninkawa, ki sake, duk inda ya karye ki sa alli, a yadin da ban ɗin duka. Ki ja alamar ta sauko kamar inci ɗaya da rabi, saboda in kin ɗiga ta a baki kawai tana shigewa cikin tattara ki neme ta ki rasa. Ki yi wannan tun yadin yana shimfiɗe, kafin ɗinkin tattara.

Yanzu keke. In keken hannu ne irin Butterfly ɗin nan da yawancinmu muka koya da shi, wanda lambobinsa suke 6 zuwa 30, lambar tana nufin yawan ɗinki a inci ɗaya, don haka 6 shi ne mafi tsawo, ba 30 ba. In na lantarki ne na shago lambar milimita ce, ki kai 4 ko 5. Ki sassauta tenshan na sama kaɗan, kaɗan fa, yadda zaren ƙasa zai kwanta a miƙe yana zamewa in an ja. A bobin ki sa zaren poliyesta mai ƙarfi, kuma wata kala daban wadda ba ta cikin atamfar, don ki gane shi da ido ɗaya lokacin ja da lokacin cirewa. Zaren nan mai araha da ake sayarwa a dunƙule a kasuwar Kejetia ki gwada shi da hannu tukunna, in ya tsinke da ɗan ja kar ki sa shi a wannan aikin. Ki gwada a kan ƙyalle, ki ja ki gani, kafin ki taɓa yadin mutane.

Layi na farko kwata inci daga baki, na biyu kwata uku na inci daga baki, ɗinkin gaskiya zai bi tsakaninsu a rabin inci. Dalilin layi biyu ke nan, ba wai don in ɗaya ya tsinke ɗaya ya riƙe ba kawai. Layi ɗaya yana riƙe ninkin a waje guda, sai ya riƙa juyawa hagu da dama, ƙafar keke ta zo ta kwantar da shi a karkace. Layi biyu suna riƙe shi sama da ƙasa, tsakaninsu ninkin yana tsaye a miƙe kamar haƙoran matsefi, allura ta bi ta kansu ba abin da ya motsa. Ki ɗinka su duka biyun fuskar yadi tana sama, daga gefe ɗaya zuwa gefe ɗaya, don zaren bobin duka su faɗo a bayan yadi. Ba komawa baya a farko ko ƙarshe, ki bar jelar zare kamar inci 5.

Maganar tsinkewa kuwa, abu biyu ne yawanci. Na ɗaya kin ja zaren sama da na ƙasa a gauraye, in kin ja na sama a wannan bakin kin ja na ƙasa a wancan, ɗinkin yana kullewa, daga nan ko ƙarfinki ya kai na wa ba zai tafi ba sai ya tsinke. Na bobin kawai ake ja, guda biyun tare a hannu ɗaya. Na biyu layin ya yi tsawo da yawa. Inci 72 na sabuwar atamfa a kan zare ɗaya nauyi ne, ki yanka layin kashi huɗu, kowane inci 18 ki tsaya ki bar jela ki sake farawa dab da inda kika tsaya, kar ki bar fili tsakani don wajen zai fito ba tattara. In siket ɗin yana da ɗinkin gefe ki tsaya kafin shi ki fara bayansa, kaurin wajen yana cin zare. Kuma atamfar da aka wanke sau ɗaya aka goge ta fi jin magana nesa ba kusa ba, sai dai ki tambayi mai kaya, wasu ba sa so a wanke musu sabon abu.

Sai haɗawa. Fuska da fuska, ban a ƙasa yadi a sama, bayan yadin yana kallonki ga zaren bobin a fili. Alama ta hau kan alama ki soka fil a tsaye, kansa yana waje. Yanzu za ki ga yadin ya yi lilo tsakanin fil da fil, daidai ne. Ki soka fil ɗaya a bakin layin ki naɗe jelar a kansa sama da ƙasa kamar lamba 8 don kar ta zare, ki koma ɗaya bakin ki riƙe zare biyun, ba zaren za ki yi ta fizga ba, ki riƙe shi a miƙe ki tura yadin a kansa da yatsu kaɗan-kaɗan. Fil na tsakiya ba zai hana zare wucewa ba in dai ba ki soke shi ta cikin zaren ba. Da yadin ya kwanta daidai tsawon ban ki naɗe wannan jelar ma, sannan ki fara gyara. Ki sa farce ko kan fil ki riƙa shafa ninkin tsakanin layi biyun, daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, a cikin inci 4 ɗin nan kawai. Kusa da fil da kusa da inda kika ja nan ne yake taruwa, tsakiya ta zama fayau, nan za ki fi dubawa. In kina kokwanto ki aza tef ki ƙirga ninki nawa ne a inci ɗaya a nan, nawa ne a can, ba sai sun zo daidai cif ba amma kar wani ya ninka wani. Kowane kashi ki ƙara fil biyu. Wajen zif ki bar incin nan ɗaya ba tattara.

Kafin ki hau keke ki mai da lamba ta ɗinkin yau da kullum, kamar 10 ko 12 a keken hannu, 2.5 a na lantarki, ki mai da tenshan inda yake. Tattara ta kalli sama kina ganinta, ki tafi a hankali, hannun hagu yana jan jikin siket ɗin gefe don ninkin su shiga ƙarƙashin ƙafa a miƙe. In kin ga ƙafar tana tura su gaba suna taruwa, ki tsaya allura a ƙasa, ki ɗaga ƙafa ki mai da su. Kar ki hau kan fil, ki zare shi in kin zo. Ni in yadin mai tsada ne nakan fara bi da dogon ɗinki, in juya in duba fuska, in ya yi sannan in bi da ƙarami, warware dogo minti biyu ne.

Da kin gama ki juya ki duba. In kin ga wani ninki babba ya kwanta ya kama, ba sai kin warware duka ba, ki buɗe inci biyu a wajen ki gyara ki mayar. Sai ki zare layin ƙasa da yake leƙowa a fuska, ki ja na bobin zai fito salin-alin, ɗan ruwa da ayan mai zafi su rufe ramukan allura. Amma wannan a atamfa ne da yadin auduga. Satin, tafeta da shadda mai sheƙi ramin allura ba ya ɓacewa a jikinsu, a nan sai ki sa layi biyun duka a cikin abin da ban zai rufe, ki bar kwata uku na inci a baki, layi ɗaya a kwata, ɗaya a rabi, ɗinkin gaskiya a ƙasansu. Ya fi wuya kaɗan don ba abin da ya riƙe ninkin daga ƙasa, sai ki ƙara fil. Wajen guga kuma bakin da ke ciki kawai za ki danne ki tura shi sama cikin ban, jikin tattarar ki shigar da hancin ayan daga ƙasa zuwa sama tsakanin ninki, kar ki ɗora shi a kai ya kwantar da su. In za ki sa shafi ki tattara shi daban, kuma ki rage masa faɗi zuwa kamar inci 48, in kin haɗa su biyu a zare ɗaya ba zai jawu ba.