Hukuncin janye ɗalibi kafin a gama biyan kuɗin horo kashi-kashi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sa ɗana a wata cibiyar koyon sana'a, horon wata 6. An raba kuɗin kashi 12: na biya kashi 4 ranar rajista, aka ce sauran 8 in riƙa biyan kashi 2 duk wata. Bayan ya yi wata 2, na riga na biya kashi 6, sai aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, dole na tafi da iyalina. Cibiyar ta ce sai na biya kashi 6 da suka rage, har da tarar jinkiri a kan kowane wata. Takardar da na sa wa hannu ta ambaci tarar, amma ba ta ce komai ba game da wanda ya janye. Me shari'a ta ɗora mini?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abin da ke tsakaninka da cibiyar nan ijara ce, wato ka yi hayar koyarwarsu na wani lokaci sananne a kan lada sananne. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa ijara halas ce idan an yanka mata wa'adi an kuma ambaci kuɗi, kuma duka biyun sun cika a naku. Mazhabobi huɗu sun haɗu a kan cewa ijara ƙulli ne mai lizimta, ɗaya ba ya warware shi shi kaɗai don ya ga dama, saboda umarnin Allah a farkon Suratul Ma'ida na cika alƙawura.

Inda iyaye da yawa ke yin kuskure shi ne zaton cewa biyan wata-wata yana nufin yarjejeniyar ma ta wata-wata ce. Rarraba biya sauƙi ne aka yi maka wajen lokacin bayarwa, bai taɓa tsawon ƙullin ba. Malikiyya sun bambanta iri biyu. Idan aka ce "kowane wata kaza" ba tare da an yanka iyaka ba, kowa yana iya tsayawa, sai dai watan da aka riga aka biya, shi kam ya lizimta. Idan kuwa aka ce "wata 6 a kan kaza", to duk wata shidan sun lizimta tun ranar ƙulli. Naka na biyun ne, kuma alamarsa a fili take: kashin farko 4 ne, sauran biyu-biyu, za a gama biya kafin a gama horo, ka ga biyan bai bi ƙirgen watanni ba.

Sai maganar uzuri, kuma a nan malamai suka rabu. Hanafiyya suna ganin ana warware ijara saboda uzurin da ya faɗo wa mutum, wanda ci gaba da ƙullin zai jawo masa cutar da bai ɗaukar wa kansa ba tun farko, kuma tafiyar barin gari tana cikin misalansu. Malikiyya, Shafi'iyya da Hanbaliyya ba su yarda da wannan faɗin ba. Ƙa'idar da Shaihu Khalil ya kafa a Mukhtasar ita ce ijara tana warwarewa idan tushen amfanin ya lalace, kamar a rufe cibiyar ko malamin da aka ayyana ya rasu, ba idan mai cin amfanin ne ya samu matsala ba. Amma ya togace wasu 'yan wurare, kuma yaron da ake koyarwa yana ciki, domin ba a sauya shi da wani yadda ake sauya kayan da aka ɗora wa dabba. Da rasuwa ɗalibin ya yi, da lissafi ya tsaya a ranar, kuma a fahimtata doguwar jinyar da ta hana shi karatu har ƙarshen wa'adi tana bin wannan hukunci.

Canjin wurin aiki bai kai wannan matsayi ba a mazhabar Malik, domin ɗanka lafiyarsa lau, ajin yana buɗe, malamai suna nan an ɗauke su a kan lissafin yawan ɗalibai. Don haka asalin hukunci shi ne kashi 6 ɗin nan suna wuyanka, ka biya su a lokutan da aka tsara, muddin cibiyar ta bar wa ɗanka gurbinsa. Ba na faɗa maka wannan da sauƙin zuciya, don na san ba da sonka ka tashi ba. Idan magana ta kai gaban alƙali ya yi hukunci da ra'ayin Hanafiyya, hukuncinsa ya zartu, kuma a lokacin ladan wata 2 kawai ke kanka, wato kashi 4, sai a mayar maka da kashi 2 bayan an cire kuɗin littattafai ko kayan aikin da ɗanka ya karɓa. Wannan rabon daidai-wa-daida yana yiwuwa ne idan watannin darajarsu ɗaya. Idan watannin ƙarshe ne ke cin kayan aiki masu tsada, sai masana sana'ar su ƙimanta kowane ɓangare.

Akwai abin da ya kamata ka bincika tun yanzu. Idan gurabe ƙididdigaggu ne, kuma cibiyar ta ba wani ɗalibi gurbin ɗanka, ba ta da haƙƙin karɓar lada biyu a kan kujera ɗaya, domin ladanta yana tabbata ne da ajiye maka amfanin. A ce sabon ɗalibin ya shiga farkon wata na 4. Wata 2 ɗanka ya yi karatu, wata na 3 gurbin ya zauna babu kowa dominka, jimla wata 3, ladansu kashi 6. Ka riga ka biya kashi 6, ke nan ba ka bin su, ba sa bin ka. Wannan ne ya sa nake ba ka shawara ka rubuta musu sanarwar janyewa mai kwanan wata, ka ba su izinin cike gurbin, don kada a zo ana jayayya a kan ranar da ka bari.

Tarar jinkiri kuwa ba ta halatta ba, ko da ka sa hannu a kanta. Kuɗin da aka jinkirta bashi ne, ƙari a kan bashi saboda jinkiri kuma riba ce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke haka a ƙudurinta na 109 a Riyad, shekarar 2000: sharaɗin tara yana inganta a ƙulle-ƙullen dukiya, ban da inda abin da ke kan mutum bashi ne. Hadisin da ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, a ruwayar Tirmizi, ya togace sharaɗin da ya halatta haram. Da takardar cewa ta yi wanda ya janye zai bar ladan wata guda, da wannan ya inganta, kamar hukuncin Alƙali Shuraihu da Bukhari ya kawo a kan mutumin da ya sharɗanta wa kansa dirhami 100 idan bai yi tafiya da mai raƙuman haya ba a ranar da suka sa. Wancan diyyar fasa aiki ce, ba ƙari a kan bashi ba.

Kafin komai, ka je musu da takardar canjin wurin aikinka ka nemi iƙala, wato warware ƙulli da yardar juna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi alƙawarin yafiyar Allah ga wanda ya karɓi fasawar Musulmi, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Kana iya yi musu tayin su riƙe kashi 2 da suka haura ladan watannin da ɗanka ya yi, su sauke maka sauran, ko su amince wani ɗalibi da ka kawo ya gaji gurbin da biyan da ya rage. Duk abin da kuka daidaita a kai ku rubuta shi da shaidu. Idan sun ƙi duka, ka biya kashi 6 ba tare da tarar ba, kuma idan hannunka ya ƙuntata, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta wajabta musu su saurara maka har ka samu. Wallahu a'alam.