Makero ya tafi, ya dawo: amsoshin wasiƙunku kan man kulotirimazol

*"Malam, makero ya fito mini a damtse, zagayayye kamar zobe. Na sayi man kulotirimazol, na shafa kwana shida ya ɓace, na ajiye. Bayan mako uku ya dawo, har ya fi da faɗi. Karo na uku ke nan. Jabu aka sayar mini, ko in nemi wanda ya fi shi ƙarfi?"*

Ɗan'uwa, da jabu ne da ba ka ga sauƙi a kwana shida ba. Man ya kama aikinsa, kai ne ka sallame shi tun aikin bai kai rabi ba.

Abin da ke kawo makero wata ƙwayar cuta ce dangin fumfuna. Ba ta shiga jini, ba ta shiga nama. Zamanta a saman fata ne, a matacciyar fatar nan da ke saɓulewa kullum ba tare da mun lura ba, kuma ita take ci. Daga tsakiya take farawa tana miƙa saiwoyi zuwa waje, shi ya sa kake ganin zobe: tsakiyar ta lafa, bakin ya yi tudu yana ɓarɓashi. Ƙaiƙayin da kumburin kuwa faɗan da jikinka yake yi da ita ne. Da zarar magani ya rage mata ƙarfi sai jiki ya sassauta, ƙaiƙayi ya tsaya, zoben ya kwanta. Abin da ka gani ya ɓace ke nan. Ita ƙwayar tana nan a laɓe.

Shi kulotirimazol, aikinsa shi ne ya hana ƙwayar haɗa wani sinadari mai suna agosterol, wanda da shi take gina bangon jikinta. A yawan da ke shiga fata, galibi tsayar da ita yake yi ta kasa girma, ba ya kashe ta nan take. Wanda ke ƙarasa aikin ita ce fatarka da kanta: sabuwa tana tasowa daga ƙasa tana tunkuɗe tsohuwa, kuma kafin ta sauya gaba ɗaya ana ɗaukar kimanin mako huɗu. Man yana riƙe ƙwayar ne har fatar da take ciki ta zube. Ka sake ta a kwana na shida, sai ta farfaɗo ta ci gaba daga inda ta tsaya.

To ga yadda za ka yi a wannan karon. Ka sayi mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, bututu mai giram 20. Ka wanke wurin, ka tsane shi ƙarau da tawul ɗin da ba ka goge sauran jiki da shi. Ka matso man tsawon rabin gaɓar ƙarshe ta manuniyarka, wannan ya ishi wuri mai faɗin tafin hannu. Ka shafa siriri, ka murza har ya shige, kuma ka zarce bakin zoben da kamar santimita 2 ta kowane gefe, domin ƙwayar ta riga ta kai can tun ido bai gani ba. Mutane da yawa tsakiya suke lafta wa mai su bar baki, alhali a bakin ne cutar take da rai. Safe da dare, sannan ka wanke hannu.

A ce ranar Litinin ka fara. Zuwa Juma'a ƙaiƙayi ya yi sauƙi. Tsakanin kwana 10 zuwa 14 tudun ya kwanta, ɓarɓashin ya tsaya. Daga wannan ranar ce za ka fara ƙirga wasu makonni biyu, kana shafawa a wurin da ba ka ganin komai. Jimla mako huɗu. Ina ba mutane shawara su ɗauki hoton wurin da waya tun ranar farko, saboda idan ya ɓace ana manta iyakarsa. Ga kuma lissafin da za ka kama kanka da shi: wuri mai faɗin tafin hannu, sau biyu a rana har kwana 28, yana cin kusan giram 14. Idan ka ce ka gama alhali bututun yana nan a cike, to ba ka gama ba.

Idan ka yi mako biyu kana bi daidai amma ba wani canji, ko zoben ma ƙaruwa yake, ka daina sayen bututu kan bututu. Ka je a kankaro ɓarɓashin a duba a madubin asibiti. Akwai cututtukan fata masu yin zobe waɗanda ba makero ba ne, kuma wannan man ba ya yi musu komai. Wanda kuma nasa ke ta dawowa duk da ya kammala, ya duba tsakanin yatsun ƙafarsa da matsematsinsa, ya duba mutanen gida da kyanwar gida, ya auna sukarin jininsa.

*"Wata ƙawata ta ba ni wani mai da aka haɗa kulotirimazol da wasu magunguna biyu. Dare ɗaya ƙaiƙayin cinyata ya tsaya. Wata uku ke nan ina shafawa, amma da na bari kwana biyu sai ya taso kamar wuta. In ci gaba?"*

A'a, 'yar'uwa. Kuma ki yi haƙuri, wannan ita ce wasiƙar da za ta sha dogon surutuna, don babu abin da ke ɓata mini rai a harkar nan kamar waɗannan mayukan haɗin gambiza.

Ɗauko kwalin ki duba inda aka rubuta abin da ke ciki. Suna ɗaya ya kamata ki gani. Idan kin ga biyu ko uku, kusan kullum ɗaya daga ciki sitiroyid ne, irin su betametazon ko kulobetasol, na ukun kuma maganin bakteriya irin jentamaisin, wanda ba ruwansa da makero ko kaɗan. Aikin sitiroyid shi ne ya kwantar da garkuwar fata. Na faɗa a sama cewa ƙaiƙayi alamar faɗan da jiki ke yi ce. To shi wannan yana ɗaure wa jikin hannu ne, ki ji shiru ki ɗauka waraka ce, ita kuwa ƙwayar ta sami fili ba mai tare ta. Sai ta yaɗu, zoben ya rasa bakinsa, ya koma wani faffaɗan tabo mai ƙananan ƙuraje, har likita ma ya sha wahala kafin ya gane shi. Wani lokaci ta bi ramin gashi ta nutse, inda man shafawa ba ya kaiwa, sai an koma haɗiyar ƙwaya.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Fatar matsematsi da hammata da fuska siririya ce, tana zuƙar sitiroyid sosai. Na taɓa ganin wani matashi da ya yi wata biyar yana shafa irin wannan a cinya. Fatar ta yi sulɓi kamar leda, jijiyoyi sun fito fili, ga nankarwa faffaɗa ta tsaga cinyar biyu. Makeron ya warke daga baya, nankarwar kuwa tana nan. Kuma ba matsalar mutum ɗaya ba ce: a Indiya, inda aka daɗe ana shafa irin waɗannan mayukan barkatai, an sami wani nau'in makero mai taurin kai wanda sau da yawa ba ya jin tabinafin, ɗaya daga cikin manyan magungunan makero na sha, kuma ya riga ya ɓulla a wasu ƙasashen.

Mai sayarwa yana son wannan man ne saboda gobe za ki dawo kina sa masa albarka, jibi kuma ki dawo sayen wani. Bayan wata uku ba zan ce ki yi wa kanki magani ba. Ki tafi wurin likita da kwalin a hannu. Ki sa rai wurin zai yi fushi na wasu kwanaki bayan an janye man, kada wannan ya sa ki koma masa. Da wuya ki tsira ba tare da ƙwayar haɗiya ba.

*"Yarona ɗan shekara shida, gashinsa yana zubewa wuri-wuri, ga fari-fari kamar amosani. Mako uku ina shafa masa, ba sauƙi. Hankalina ya tashi, kada ya zama mai sanƙo."*

Kwantar da hankalinki, Maman yaro, ba sakacinki ba ne. A kai, ƙwayar tana shiga cikin silin gashi har saiwarsa, kuma babu man da ke kaiwa can ko da shekara za ki yi kina shafawa. Magani na sha yake buƙata, girisiyofulbin na mako shida zuwa takwas ko tabinafin, kuma da nauyin yaro ake auna shi, don haka likita ne zai rubuta. Yawanci gashi yana tsirowa tsaf. Idan dai kin ga wurin ya kumbura yana ɗigar ruwa ko mugunya, kada ki bari ya kwana biyu, wannan ne ke barin tabo. Ki ware masa mataji da hula da matashin kai, a duba 'yan'uwansa. Mai makero a farce ma hukuncinsa ke nan, ya daina asarar kuɗi kan man shafawa.

*"Na cika mako huɗu cif, amma wurin ya bar baƙin tabo. In sayi wani bututun?"*

Shafa wurin da yatsa. Idan sumul yake, ba tudu, ba ɓarɓashi, ba ƙaiƙayi, to ka warke. Tabon sawun kumburin da aka yi ne, baƙar fata ta saba barin irinsa, kuma yana ɗaukar watanni kafin ya saje. Haka mai kyasbi: ƙwayar takan mutu farin ya daɗe bai koma ba. Ajiye kuɗinka, kada kuma ka kai masa man bilicin.

*"Idan na shafa sau takwas a rana, ba sai in gama a mako ɗaya ba?"*

Malam, ko sau ɗari ka shafa, fatarka ba za ta yi saurin sauyawa don ta faranta maka ba. Sau biyu, iyaka uku. Abin da za ka samu a na takwas zafi ne da bututun da ya ƙare.

*"Ina da ciki wata biyar, ga shi ya fito mini a ƙarƙashin nono. Idan na shafa man, zai taɓa abin da ke cikina?"*

Abin da ke ratsa fata ya kai jini ɗan mitsitsi ne, shi ya sa yana cikin waɗanda ake ba masu ciki. Ki tabbata mai suna ɗaya ne, ki faɗa wa ma'aikaciyar awo, ki riƙa tsane wurin bayan wanka, ki sa rigar auduga. Ɗan zafi-zafi a shafawar farko ba komai ba ne. Idan wurin ya yi bororo ko ya kumbura, ki wanke ki daina, ki nuna a asibiti. Allah ya sauke ki lafiya.