Haɗa Babobin Rahoton Rukuni Ya Zama Kamar Aikin Mutum Ɗaya

Tambaya: Mu huɗu ne muka raba babobin rahoton bincikenmu, kowa ya rubuta nasa a Microsoft Word, kuma ni aka ɗora wa haɗawa. Da na jera su, sai na ga kanun kowane babi da kamarsa daban, lambobi sun rikice, akwai "Jadawali 1" har guda uku. Yaya zan yi?

Amsa: Kada ki ɗauki fayil ɗin ɗaya daga cikinku ki riƙa liƙa sauran a ƙarƙashinsa, domin kowane fayil yana tafe da tsarinsa na ɓoye. Ki buɗe sabon fayil, ki tsara shi tun yana fanko, sannan ki zuba babobin a cikinsa, kina ajiye na asali yadda suke saboda gudun ɓacin rana.

Tsarin yana farawa ne da kanu. Ki gyara Heading 1 domin sunan babi, Heading 2 domin sashe, Heading 3 domin ƙaramin sashe, gwargwadon ƙa'idar da sashenku ya bayar. Rahoton ɗalibai ba kasafai yake buƙatar wuce hawa uku ba. Daga nan ki shiga Multilevel List, ki zaɓi Define New Multilevel List, ki danna More, ki ɗaure kowane hawa da kanunsa ta Link level to style. Da zarar an yi haka, Word ne zai riƙa ba da 2.1 da 2.2 da kansa, kuma idan kika cire sashe ɗaya, na bayansa za su gyara lambarsu.

Wajen liƙawa ki zaɓi Use Destination Styles. Keep Text Only ya fi tsafta, amma yana rushe jadawali kuma yana zubar da bayanan ƙasan shafi. Bayan kowane babi ki buɗe Navigation Pane: duk kanun da bai fito a can ba, marubucinsa kaurara rubutun kawai ya yi da hannu, sai ki ɗora masa kanun da ya dace. Idan kika ga "3.2 3.2", to lambar da aka buga da hannu ce ta haɗu da ta Word, sai ki goge ta hannun.

Jadawalai ne suka fi buƙatar natsuwa, kuma a nan ne na fi ganin ana yin ɓarna. Mu ɗauka babi na 2 yana da jadawali uku, babi na 4 yana da shida, kowannensu ya fara daga 1. Jimlar da ta ce "duba Jadawali 2" tana da ma'ana ne muddin tana cikin babinta, saboda haka ki gyara babi ɗaya ki gama kafin ki shigo da na gaba. A Insert Caption ki ƙirƙiri lakabin Jadawali ta New Label, sannan a Numbering ki zaɓi Include chapter number, ta yadda na biyu a babi na 4 zai zama Jadawali 4.2 idan kin zaɓi ɗigo a matsayin abin rabawa. Kowace "duba" kuma ki maye gurbin sunan jadawali da lambar da ke biye da ita da Cross-reference. A ƙarshe ki danna Ctrl+A sannan F9 domin lambobi da jerin abubuwan da ke ciki su sabunta. Inda Word ya rubuta "Error! Reference source not found." alama ce cewa an goge abin da ake nuni gare shi.

Daidaita salon magana kuwa ba aikin na'ura ba ne, kuma a ganina bai kamata a raba shi ba: mutum ɗaya ne zai karanta rahoton daga farko har ƙarshe a zama ɗaya ko biyu. Ki yanke shawara tsakanin "mun tattara" da "an tattara", ki tsaya a kan ɗaya. Ki lura da babi na 1 da na 3, domin sau da yawa daga takardar neman amincewa ake kwaso su, sai a tarar suna cewa "za a raba takardun tambayoyi" alhali babi na 4 yana ba da sakamakonsu. Ki rubuta gajeren jerin kalmomi a gefe, misali ko "mahalarta" za a ce ko "masu amsawa", sannan ki bi da Ctrl+H ɗaya bayan ɗaya, ba da Replace All ba, don kada ki sauya maganar wani marubuci da aka kawo kai tsaye.

Abin da ba hurumin mai haɗawa ba ne shi ne sauya adadi. Idan babi na 3 ya ce an raba takardu 120, babi na 4 kuma yana lissafi da 112, mai yiwuwa takwas ne ba su dawo ba, mai yiwuwa kuma kuskuren bugawa ne. Ki sa alama a wurin, ki tambayi wanda takardun suke hannunsa, sannan a ƙara jimlar da za ta bayyana bambancin.