Goggo ta turo hoton buhun wake, ba ta ce komai ba

Baffa, barka da war haka. Goggo ta Kumo ta turo mini hoton buhun wake ta WhatsApp, babu rubutu babu murya. Na rubuta mata doguwar gaisuwa na tambaye ta abin da take nufi, alamar ta zama shuɗiya, amma shiru har yau. Wata ƙawata a nan Bauchi ta ce in rubuta mata “1 ko 2” ta zaɓa. Ni kuma ina ganin kamar rashin ladabi ne yaro ya jera wa babba zaɓi. A al'adarmu ya halatta?

'Yata, lafiya lau muke, Gombe sai zafi. Allah Ya yi miki albarka da kika tsaya kika tambaya.

Ya halatta, kuma ƙawarki ta fi ki kusa da daidai, sai dai ta tsallake gaisuwa, ta kuma manta da murya. Abin da al'ada ta hana shi ne yaro ya titsiye babba da tambaya, ko ya sa shi bayyana buƙatarsa da bakinsa. “Me kike nufi?” ɗin da kika rubuta, duk da ladabin da kika lulluɓe ta da shi, ita ce ta fi kusa da titsiyewa. Kin ɗora wa Goggo aikin da ta guje wa tun farko, wato ta zauna ta haɗa haruffan boko ɗaya bayan ɗaya da idon da ya fara gajiya. Da tana iya wannan cikin sauƙi, ai da ba hoto ta turo ba. Wanda ya turo hoto babu magana ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ragowar maganar a wuyanki take. Ke za ki yi hasashen abin da take nufi, ki faɗa da bakinki, ita nata kawai ta nuna wanne ne.

Alamar shuɗiya kuma kada ta dame ki. Tana nuna an buɗe saƙon ne, ba ta nuna an karanta shi, balle an gane. Wataƙila ma jikanta ne ya buɗe yana neman wani abu a wayar.

Kafin ki amsa, koma kan hoton ki buɗa shi da yatsu biyu ki ƙare masa kallo. Yara suna gaggawar amsawa ba su duba ba, alhali rabin amsar tana cikin hoton. Bakin buhun a ɗinke yake ko a buɗe? Idan a ɗinke yake, an rubuta suna ko lambar waya a jikinsa da alƙalamin maka, kuma kina hango tayar mota ko rumfar tasha a bayansa, to saƙo ne ya kamo hanya, jira take a ce wa zai tarbi direba. Idan a buɗe yake an naɗe bakinsa, ga mudu ko kwano a gefe, maganar sayarwa ce, tana son jin yadda wake yake a kasuwarku. Idan kuma an matso da wayar har kina ganin ƙwayoyin, ki duba ko da ƙananan huji a jikinsu da gari-gari a ƙasa. Wannan ƙwari ne suka shiga, shawara take nema ko kuɗin buhu mai leda biyu a ciki wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga. Ki duba saman hoton ma. In akwai rubutun “Forwarded” da 'yar kibiya, ba ita ta ɗauka ba, wani ne ya tura mata ta miƙo miki. In hoton ya karkace, rabin buhu rabin ƙasa da ƙafar akuya, mai yiwuwa hannu ne ya taɓa ba da niyya ba.

Mu ɗauka naki a buɗe yake, waken mai kyau, babu mudu babu tasha. Abu biyu suka rage masu ƙarfi: ko tsaraba take shirin aiko miki, ko sayarwa take so. To ki danna hoton ki riƙe, ki zaɓi mayar da amsa a kansa domin ta ga maganar da shi ta rataya, sannan ki aika murya. Kada ki wuce daƙiƙa ashirin ko talatin. Ki ce, “Salamu alaikum Goggo, ina kwana, ya gida, ya jiki? Na ga wake, ma sha Allah ya yi kyau. In na sayarwa ne, ki danna ɗaya. In na gida ne, ki danna biyu. In ba ko ɗaya ba ne, ki yi mini filashin in kira ki.” A ƙarƙashin muryar sai ki rubuta haka, kowanne a layinsa:

1 na sayarwa
2 na gida

Iyakarsa ke nan. Lambobi ba sa ba ta wahala. Matar da ke ƙirga canjin naira ɗari biyu da ɗari biyar, ta kuma haddace lambar wayar 'ya'yanta, ta san 1 da 2 ko da ba ta taɓa zama a aji ba.

Ki lura ban ce ki tambaye ta “ni za ki aiko wa?” ko “kyauta ce?” ba. Na ce “na gida”. Idan kika ambaci kyauta alhali sayarwa take nufi, kin ɗaure ta. Kunya ba za ta bar ta ta ce wa 'yar ƙaninta a'a ba, sai ki ga buhu ya iso Bauchi, ita kuma kuɗin da ta so ta yi wata hidima da su sun tafi. Idan kuma kika ce “kuɗi kike buƙata?”, ko da gaskiya ne, za ta ce miki Alhamdulillahi ba abin da ya dame ta. Mutanenmu na wannan yanki, musamman masu jinin Fulani irin Goggonki, sun gwammace su kwana da buƙata da su furta ta ga na ƙasa da su. Saboda haka kowane zaɓi da za ki jera, ki tabbata tana iya danna shi ba tare da ta ji ta roƙa ko ta hana ba. A nan ladabin yake, ba a tsawon gaisuwa ba. In ta danna 1, ke ce za ki ɗauki nauyin mataki na gaba: “To Goggo, ni ma ina neman wake. In saya, 1. In tambayo miki farashi a nan, 2.” Kin buɗe mata hanyar samun kuɗin, bakinta bai furta ba.

Zaɓi biyu ya isa, uku shi ne iyaka. Wanda yake sauraro ba kamar mai karatu ba ne da zai koma layin farko ya sake dubawa. Kafin ki kai na huɗu ta manta na ɗaya, sai ta danna na ƙarshen da ya rage mata a kunne. Kuma tambaya ɗaya a saƙo ɗaya. Kada ki haɗa “na sayarwa ne, kuma mudu nawa ne, kuma yaushe za a kawo?” Ki bari ta amsa ta farko tukuna. Wancan na ukun, na filashin, kada ki taɓa barinsa, domin hasashenki duka biyu suna iya zama kuskure, kuma dattijuwa in ba ki bar mata mafita ba za ta zaɓi ɗaya don kada ta ba ki kunya.

Wannan gajarce rubutu naku na “slm”, “ykk”, “lfy”, ki bar shi tsakaninki da ƙawayenki. Mai haɗa baƙi da wasali a hankali in ya tarar an cire wasulan, ya tsaya ke nan. Turanci ma haka, ko “ok” ce.

Yanzu ga inda abin yake lalacewa. Sau da yawa amsar da za ta dawo ba 1 ba ce ba 2 ba, sai “to” ko “eh”, ko hoton babban yatsa. Wannan ba zaɓi ba ne, cewa take ta ji ki. Kada ki fassara shi da abin da ranki yake so. Ki sauke zaɓin ya koma guda, ki aika murya: “Goggo, sayarwa za a yi? In haka ne ki turo 1.” Idan ta sake turo hoton nan dai, ko wani hoton buhun ta wani gefen, tana gaya miki ba ki gano ba, akwai abin da take nunawa da ba ki gani ba. Sai ki buɗe hoton, ki yi amfani da alƙalamin da ke sama ki zagaye abin da kike zato, ki mayar mata da tambaya ɗaya. In kuma shiru ne, dubi 'yar makirfon da ke jikin muryar da kika aika. In ba ta zama shuɗiya ba, ba a saurara ba, wataƙila data ce ta ƙare ko wayar tana wurin caji a shago. In ta zama shuɗiya har aka yi sallah biyu ba amsa, ki kira. Bayan zagaye biyu ba a fahimci juna ba, ci gaba da turo lambobi ya zama wahalarwa.

Af, kada ki ɗauka Goggonki ba ta da karatu. Ta sauke Alƙur'ani tun ban shiga firamare ba, kuma tana rubuta ajami da hannunta. Boko ne bai zauna mata ba. In kina iya karanta ajami, ki ce mata duk abin da ya fi ƙarfin lamba ta rubuta a takarda ta ɗauki hotonsa. Za ki sha mamakin tsawon wasiƙar da za ki samu.

Akwai hotunan da ba a yi musu wannan wasan zaɓi. In kwalin magani ne, ko ciwo a jiki, ko takardar asibiti, kira za ki yi nan take. Kwalin da babu komai a ciki yana iya nufin ya ƙare a sayo wani, yana iya nufin ta sha ya ba ta matsala, kuma danna lambar da ba daidai ba a nan ba ƙaramin abu ba ne. Haka duk maganar da ta kai ga tura kuɗi. Ko ta danna 1, kada ki tura sai kin ji muryarta da kunnenki ta faɗi adadin da asusun da za a saka, domin wayar tsofaffi hannu da yawa take bi, kuma ana sace WhatsApp ɗin mutum a riƙa roƙo da sunansa. Saboda wannan hannu da yawan ne ma nake so ki kiyaye abin da kike faɗa a murya. Goggo a bainar tsakar gida take kunna saƙo, da ƙarfi, kishiya da surukai suna ji. Duk zaɓin da ba za ki iya faɗa a gabansu ba, kada ki sa shi a murya.

Tun da an kwana biyu da saƙonki na farko, ki fara da ba ta haƙuri a taƙaice, ki ce makaranta ce ta riƙe ki, kada ki ambaci cewa ba ta amsa ba. Ki aika da hantsi bayan ta gama aikin safe, lokacin yaran gidan suna makaranta kuma wayar tana hannunta. In ya tabbata na sayarwa ne, ki sanar da ni kafin ki yi ciniki, in leƙa Tudun Hatsi in ji yadda mudu yake a nan Gombe, kada ta karyar miki da farashi don kunya.

Ki gaida mutanen gidan da kike zaune.