Dillali ya ce 2010 ce, shasi ya ce 2008

Tambaya: Malam, na ba da kafin alƙalami a kan wata Camry tokumbo. Dillali ya rantse 2010 ce, fitilu da bamba ma na 2010 ne. Amma lambar shasinta ta fara da 4T1BE46K, sai wani harafi, sai 8U. Hankalina bai kwanta ba. In cika kuɗin?

Amsa: Kada ka cika tukuna, ɗan'uwa. Lambar da ka turo ta motar 2008 ce.

Ƙirga daga hagu. Gurbi na goma shi ne na shekara a duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka, naka kuwa 8 ne. Daga 2001 zuwa 2009 lamba ake sawa, 1 zuwa 9. Da aka shiga 2010 sai aka koma haruffa: A ita ce 2010, B 2011, C 2012. Da maganar dillali gaskiya ce, A za ka gani a wurin.

Ko da ba ka duba gurbi na goma ba, na biyar ya isa shaida. E ɗin nan na injin 2AZ-FE ne mai lita 2.4, wanda aka sa wa wannan samfurin daga 2007 zuwa 2009. Takwararta ta 2010 mai silinda huɗu, in masana'anta ɗaya ta ƙera su, da 4T1BF3EK take farawa, injinta 2AR-FE ne mai lita 2.5, giyarta shida, ta waccan kuwa biyar. 4T1 na nufin Toyota ƙirar Amurka, U na gurbi na goma sha ɗaya kuma masana'antar Georgetown ce a jihar Kentucky.

Amma wannan bai gaya maka inda aka sayar da ita ba. Farkon lamba ƙasar ƙira yake nunawa. Akwai Camry da yawa masu farawa da J, ƙirar Japan, da aka kai Amurka tun suna sababbi. Kasuwar asali a takardar da ke manne jikin ginshiƙin ƙofar direba take, inda aka rubuta dokokin ƙasar da motar ta cika. Nan kuma akwai wata da shekarar da ta fito daga masana'anta. In ka ga ƙarshen 2007 a jikin samfurin 2008, ba cuta ba ce, haka ake yi.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutanenmu ke gane shekarar mota da fuskarta. Kullum sai wani ya zo min yana cewa, ai na ga fitilun, na ga bambar. Haba jama'a! Bamba da fitila kusoshi ne ke riƙe da su. A yini guda ake cire na 2008 a ɗaura na 2010, mai fenti ya bi da feshi, a ɗora kuɗin shekara biyu a kan farashi. Wani lokacin ma ba don kwalliya aka canza ba. Motar ta yi haɗari ne ta gaba, aka rufe da sabuwar fuska, wa ya san ko jakar iskar sitiyari na nan? Kai kuma ka ɗebi iyali ka hau hanyar Kaduna.

Bayan ciniki ma wahalar ba ta ƙare ba. Ka je kasuwa ka ce a ba ka kayan 2010, a ba ka, su ƙi shiga. Filtar baƙin mai kaɗai ta isa misali: ta 2.4 gwangwani ce da ake murɗawa, ta 2.5 takarda ce da ake zurawa cikin gida. Sai a ɗora wa bakanike laifi, alhali tun ranar saye aka yi kuskuren. Masu cewa ai takardun kwastan sun rubuta 2010, su ma ina tambayarsu: takarda ba mutum ne ya cike ta ba?

Kuma kada ka tsaya ga lambar ƙasan gilashi kaɗai, don ana sauya ta. Haɗa ta da ta ginshiƙin ƙofa, da ƙananan takardun da ke manne a bonet da but da ƙofofi. Sannan ka sa mai na'ura ya jona wa motar, kwamfutarta ta faɗi tata lambar. Duka gurabe goma sha bakwai na lambar su zo daidai, kuma babu I, O ko Q a ciki. In sun dace kuma gaban lafiya yake, ka taya ta a kuɗin 2008. In ko ɗaya ta saɓa, karɓi kafin alƙalaminka ka bar masa motarsa.