Riba ta ƙaru amma jari ya yi nauyi: ina kuɗin suka maƙale?

"Malam, ina sarin gero da riɗi a Gujungu ina kaiwa Dawanau. Bara da jarina miliyan 5 na yi cinikin miliyan 40, na ci ribar miliyan 2. Bana jarin ya zama miliyan 7, ciniki 42, riba miliyan 2.1. Bashin da ake bi na ya tashi daga miliyan 3 zuwa 7. Me ya faru?"

Alhaji, bara kowace naira 100 ta jarinka ta haifa maka 40, bana 30. Lissafin DuPont yana raba wannan gida uku: ribar da ke cikin ciniki, sau nawa dukiya ta juya, da kuma yadda kuɗin mutane suka ƙara wa naka ƙarfi.

Farashi ba shi da laifi. Bara da bana naira 5 kake ci a kowace naira 100 ta ciniki.

Ciwon yana wajen juyawa. Haɗa jarinka da bashin da ke kanka, shi ne dukiyar da ke hannunka: bara miliyan 8, bana 14. Raba ciniki da ita. Bara ta juya sau 5, bana sau 3 kawai. Wato buhun da a da yake komawa kuɗi cikin kwana 73, yanzu sai ya yi kusan wata huɗu. Miliyan 6 ka ƙara zubawa, cinikin miliyan 2 kawai ya ƙaru.

Na ukun shi ya fi damuna. Dukiya a raba da jarinka, bara 1.6, bana 2. To, 5 sau 5 sau 1.6 shi ne 40 ɗin bara. 5 sau 3 sau 2 shi ne 30. Da bashin bai ƙaru haka ba, 24 za ka gani. Bashi ya rufa maka asiri, amma rabin abin da ke hannunka na mutane ne, kuma idan riɗi ya faɗi, masu bin ka bashi cikakken kuɗinsu za su nema.

Ka shiga sito ka ƙirga buhunan da suka wuce wata uku, sannan ka buɗe littafin waɗanda kake bi a Dawanau. Ina kyautata zaton can miliyoyin suke kwance. Sai dai ka yi ƙidayar a wata ɗaya da ta bara, domin siton kaka ba ɗaya yake da na damina ba.

Idan ka karɓo miliyan 3.5 ka biya bashi, ribar jarin tana nan a 30 domin dukiyar da ta rage za ta juya sau 4, amma hatsarin ya ragu. Idan kuwa ka sa miliyan 14 ɗin ta juya sau 4, ciniki ya kai 56, riba 2.8, ka koma 40. Ni dai da bashin zan fara.